Tumatirin kwalba bayan an buɗe shi: kabad ko firij?

Iyayenmu mata na Gadarif, Kassala da Mai Wurno, da duk mai ɗora tukunya a gida, akwai kuskuren da ya yi yawa game da salsar tumatir. Ana duba kwanan watan da ke jikin kwalba, a ga saura shekara guda, sai a ɗebi cokali biyu a mayar da ita kabad. Wannan kwanan watan na kwalbar da ba a taɓa buɗewa ba ne. A masana'anta an dafa tumatirin da zafi mai ƙarfi, an rufe shi ba iska, shi ya sa yake daɗewa. Da zarar murfi ya yi ƙara ya buɗe, iska ta shiga da ƙwayoyin fumfuna, lissafi ya koma na kwanaki.

Ƙwayoyin cuta sun fi hayayyafa tsakanin digiri 5 zuwa 60 a ma'aunin Salsiyas. A watannin Afrilu da Mayu zafinmu kan haura 40, kabad ɗin da ke kusa da murhu kuwa ya fi haka. A irin wannan wuri kwana biyu ko uku sun isa a ga farin gashi-gashi a saman tumatirin ko a bakin kwalbar. Wanda aka haɗa da albasa ko nama ya fi saurin lalacewa, kada ya wuce awa biyu a waje, in ana tsananin zafi ma awa ɗaya.

A firij mai sanyin digiri 4 zuwa 5, kwalbar da aka buɗe tana kai kwana 5 zuwa 7. A ajiye ta can ciki, domin ƙofar firij ita ce ta fi ɗumi saboda yawan buɗewa. A riƙa ɗiba da busasshen cokali mai tsabta. Cokalin da ya juya miya, ko aka lasa, kada ya koma ciki. In na gwangwani ne, a juye ragowar a kwalba mai murfi, don tsamin tumatir yana cin ƙarfen da ya sha iska, har ɗanɗano ya canza. Zuba ɗan man girki a sama yana rage fumfuna, amma dabara ce ta cikin firij. A kabad ba ta hana shi lalacewa.

Mu ɗauki gidan da ya sayi kwalba mai giram 400, ana sa cokali biyu a miya kullum. Cokalin cin abinci ɗaya yana ɗaukar kusan giram 15, wato giram 30 a rana. Kwalbar za ta kai kwana 13 kafin ta ƙare, ta zarce mako gudan da firij ke iya riƙewa. Don haka a ranar da aka buɗe ta a raba biyu. Rabi ya zauna a firij don wannan makon. Sauran a ƙulla shi cokali bibbiyu a ƙananan ledoji masu tsabta, a sa a firiza, inda zai yi wata biyu zuwa uku lafiya lau. Ranar girki a ciro ƙulli ɗaya a jefa abin da ke ciki a tukunya da ƙanƙararsa.

Sai matsalar ɗauke wuta. Firij da aka bari a rufe yana riƙe sanyi kusan awa huɗu, firiza cikakkiya kwana biyu, wadda take rabi kwana ɗaya. Inda wuta ke yini ba ta dawo ba, ko babu firij sam, babbar kwalba asara ce ko da ta fi araha. Gara ƙaramin gwangwani ko na leda da za a ƙarar a girki ɗaya, ko maƙwabta su haɗa kuɗi su raba babba a cinye a ranar. Gindin randa yana da sanyi, amma bai kusa da digiri 5 ba.

Abin da ya fi damunmu shi ne kwashe fumfuna a yi miya da na ƙasa. Don Allah a daina. Abin da ido ke gani a sama kan fumfunar ne kawai, zarenta ya riga ya ratsa cikin tumatirin saboda laushinsa. Wasu nau'o'inta suna fitar da dafin da tafasa ba ta kashe shi. Kuma fumfuna tana cinye tsamin da ke kare tumatirin, sai ƙwayoyin da da ba su iya rayuwa a ciki su samu wurin zama. In an ga fumfuna fara, baƙa ko kore, ko kumfa na tasowa, ko warin tsami irin na ruɓa, ko murfi ya kumbura yana huci in an murɗa, a zubar da shi gaba ɗaya, kada a ɗanɗana. Kafin a sake amfani da kwalbar a wanke ta da sabulu da ruwan zafi, a kife ta ta bushe sarai.