Hanya ba shingen wuta ba ce

Da yawa a kauyukan gefen Jos sun dauka in akwai 'yar hanyar kafa tsakanin gona da gari to shikenan in ana kona gonar wuta ba za ta tsallaka ba. Wallahi ba haka bane. A watan Janairu, lokacin hunturu, ciyawa ta bushe kamas, gamba ta fi tsayin mutum, iska na dibar tartsatsi ta jefa shi can gaba da hanyar, ko kuma ciyawar da ke ci ta kwanto ta haye.

Ni dai abin da na gani yana aiki shi ne a share fili kewaye da gonar, fadin kamar taku goma, da fartanya har sai kasa ta fito jajir, tarkacen kuma a janye shi cikin gonar, kar a jibge shi ta bangaren gidaje, nan ne mutane ke kwafsawa. Sannan da yamma in iska ta kwanta a fara kunna wutar daga bakin sharar ta bangaren da iskar ke nufa, ta rika ci a hankali tana komawa baya, mutane na tsaye da danyen ganye. Kututture kuwa yakan kwana yana ci, sai an zagayo da safe.