Darajar yanzu ta biya mai wa'adi da ta dawwamammen biya mai ƙaruwa

A ilimin hada-hadar kuɗi, darajar yanzu, wadda ake rubutawa PV, ita ce abin da kuɗin da za a karɓa nan gaba ya kai a hannu yau. Naira miliyan ɗaya ta baɗi ba ta kai miliyan ɗaya ta bana ba, domin ta bana ana iya juya ta ta kawo riba kafin shekara ta zagayo. Saboda haka ake rage darajar kowane kuɗi mai zuwa da wani kaso cikin ɗari da ake kira mizanin ragi, ana rubuta shi r. Wannan kaso shi ne ribar da mai kuɗi zai samu a wata harka mai kasada iri ɗaya. Ba lallai ne ya zama kuɗin ruwa ba, shi ya sa lissafin ke aiki a kan hayar gida da sukuk da hannun jari.

Biya mai wa'adi

Shi ne kuɗi iri ɗaya, C, da ake biya a ƙarshen kowane zango har sau n, sannan ya tsaya. Biyan bashi kashi-kashi da yarjejeniyar haya ta ƙayyadaddun shekaru duk suna cikin wannan rukuni.

```
PV = C × [1 − (1 + r)^−n] / r
```

A ɗauka akwai shago da ke kawo hayar naira 1,000,000 a ƙarshen kowace shekara, an yi wa wani tayin ya sayi haƙƙin karɓar hayar na shekara 10, shi kuma yana neman ribar kashi 15 cikin ɗari. Jimillar abin da zai karɓa miliyan 10 ce, amma darajarta a yau naira 5,018,769 ce kawai. Hayar shekarar ƙarshe, idan aka dawo da ita yau, ba ta cika naira 250,000 ba.

Dawwamammen biya

Idan biyan ba shi da ranar ƙarewa, lissafin ya fi sauƙi: a raba C da r. Fitaccen misalinsa a tarihi shi ne takardun bashi marasa wa'adi da gwamnatin Birtaniya ta fara fitarwa a 1751, waɗanda ba ta gama fansar su ba sai a 2015. Shagon can, in an saye shi ɗungurungum kuma haya ba ta taɓa canzawa, darajarsa naira 6,666,667 ce. Wato duk hayar da za ta shigo daga shekara ta 11 har illa masha Allahu ba ta ƙara masa komai ba face naira 1,647,898. Daga nan ne ma ƙa'idar farko ta samo asali: biya mai wa'adi dawwamammen biya ne da aka yanke wa wutsiya, aka ɗebe darajar wutsiyar.

Idan kuma kuɗin yana ƙaruwa da kaso g kowace shekara, ƙa'idar ta koma haka:

```
PV = C1 / (r − g)
```

A nan C1 shi ne kuɗin da za a karɓa a ƙarshen zango na farko. Masu ƙiyasta farashin hannun jari suna jingina wannan ƙa'ida ga masanin tattalin arziki Myron Gordon, wanda ya yi aiki a kanta tare da Eli Shapiro a 1956. In hayar shagon tana hawa da kashi 5 duk shekara, sai a raba miliyan ɗaya da 0.10, a sami naira miliyan 10.

Kurakuran da aka fi yi

Mafi muninsu shi ne ɗaukar ƙa'idar dawwama a ɗora wa abin da ke da wa'adi don kawai ta fi gajarta. Wanda ya sayi hayar shekara 10 mai hawa da kashi 5, abin da ya saya bai wuce kimanin naira 5,973,600 ba. Ana samun wannan ne ta ninka miliyan 10 ɗin da `1 − [(1 + g)/(1 + r)]^n`. In ya biya miliyan 10, ya biya kuɗin shekarun da shagon ya riga ya koma hannun mai shi.

Sai rikita kuɗin da aka riga aka karɓa da wanda ake jira. Idan miliyan ɗayan hayar da aka karɓa jiya ce, to ba ita za a sa a ƙa'idar ba, ta baɗi za a sa, wato 1,050,000, darajar ta zama naira 10,500,000. Ƙa'idojin nan duka suna ɗauka cewa kuɗin farko zai zo ne bayan zango guda cif. Wannan ya shafe mu kai tsaye, tunda a yawancin garuruwan Najeriya ana biyan hayar shekara ne tun kafin a tare. Idan biyan a farkon zango yake, dole a ninka amsar da 1 + r, sai hayar shekara 10 marar ƙari ta tashi daga 5,018,769 zuwa 5,771,584. A manhajar Excel, lamba 1 a gurbin ƙarshe ita ke nuna haka:

```
=PV(0.15,10,-1000000,0,1)
```

Ɗan'uwan wannan kuskure yana fitowa idan biyan zai fara ne can gaba. A ce shagon ana kan gina shi, hayar farko ta miliyan ɗaya sai ƙarshen shekara ta 6, daga nan ta riƙa hawa da kashi 5 duk shekara har abada. Miliyan 10 da ƙa'idar ta bayar darajarsa ce a ƙarshen shekara ta 5, zango guda kafin kuɗin farko. Don haka ragin shekara 5 za a yi, a sami naira 4,971,767. Wanda ya yi ragin shekara 6 zai sami 4,323,276, ya tauye darajar da kusan naira 650,000 ba tare da ya lura ba. Hanyar kauce wa wannan ita ce a ja layi a takarda, a rubuta shekarun, a sa kowane kuɗi a kan shekararsa kafin a taɓa kalkuleta.

Batun g shi ya fi buƙatar taka-tsantsan. Ƙa'idar ba ta aiki sai r ya fi g girma. In sun yi daidai, rabawa da sifili ke nan. In g ya zarce, amsa za ta fito da alamar ɗebewa, kuma wannan amsar ba ta da ma'ana, domin jimillar ba ta da iyaka. Tun ma kafin a kai can, amsar takan yi tsalle da ɗan canji kaɗan: ƙarin kashi 10 yana kai shagon miliyan 20, kashi 14 kuwa miliyan 100. Shago ɗaya ne, haya ɗaya, zato kawai aka sauya. Babu kamfani ko kadara da za ta dawwama tana girma fiye da tattalin arzikin da take ciki, don haka g mai hankali ba ya wuce haɓakar tattalin arziki ta dogon lokaci. Kamfanin da ke bunƙasa da sauri a yanzu, ana lissafa shekarunsa na bunƙasa ɗaya bayan ɗaya, sannan a yi amfani da ƙa'idar dawwama daga inda ya daidaita.

A inda farashin kaya ke hauhawa sosai, akan haɗa r da ke ɗauke da hauhawar farashi da g da aka cire wa ita, abin da ke karya darajar ƙasa da gaskiyarta. Ko dai duka biyun su ƙunshi hauhawar, ko a cire ta daga duka. Haka zango: biyan wata-wata yana buƙatar mizanin wata da adadin watanni, ba kashi 15 na shekara da n na 120 ba.

Akwai kuma kuskuren mantawa da alamar baka biyu a kwamfuta. Wanda ya rubuta `=1000000/0.15-0.05` zai sami kusan 6,666,667, domin na'urar za ta yi rabawa kafin ɗebewa. Alamar da ke tona shi ita ce a canza g a ga amsar ba ta motsa ba. Daidai shi ne `=1000000/(0.15-0.05)`.