Zaɓen hoton bangon littafi

Zaɓen hoton bangon littafi mataki ne na aikin ɗab'i wanda marubuci ko mawallafi ke tantance zane-zanen da mai tsara bango ya kawo, ya tsayar da guda ɗaya kafin a kai maɗaba'a. Ma'auni biyu ne ke yanke hukunci: dacewar hoton da nau'in labarin, da kuma sauƙin karanta sunan littafin.

Dacewa da nau'i na nufin mai saye ya gane irin labarin tun bai ɗauki littafin ba. A adabin kasuwar Kano, wanda ya bunƙasa daga shekarun 1980, fuskar mace cikin kwalliya ta zama alamar labarin soyayya da zaman aure, yayin da takobi da doki ke nuna labarin yaƙi, littattafan addini kuwa sukan tsaya ga rubutu da ado. Bangon da ya saɓa wa wannan al'ada yakan jawo wanda ba shi aka rubuta wa littafin ba, ya kuma kori wanda aka rubuta wa.

A ɗauki labarin kishi da aka kawo wa zane uku. Na farko wuƙa ce cikin duhu. Yana ɗaukar ido, amma na labarin kisa ne, don haka ya faɗi tun a ma'aunin farko. Na biyu amarya ce da lalle, an ɗora sunan a kan atamfarta mai yawan zane. Na uku mata biyu ne sun juya wa juna baya, da katanga fili a samansu inda aka rubuta sunan. Na biyu ya fi kyau a babban allon kwamfuta, kuma a nan ne marubuta da yawa ke ruɗuwa, domin ba a wannan girman mai saye zai gan shi ba.

Don raba gardama, ana ƙanƙanta zanen zuwa girman babban yatsa, kamar yadda yake fitowa a waya, sannan a mayar da shi baƙi da fari. Idan haruffa suka narke cikin zanen atamfar, hasken rubutun da na abin da ke bayansa sun yi kusa da juna, kuma canza launi kaɗai ba ya gyara hakan. Na uku ne ke tsallake wannan gwaji.

Akwai matsalar da ta shafi Hausa musamman: yawancin haruffan ado ba su da ƙ, ɗ da ɓ, sai kwamfuta ta aro su daga wani salon, harafi ɗaya ya fito bare a tsakiyar suna. Haka kuma allo yana aiki da launukan RGB, wato hasken ja da kore da shuɗi, injin bugawa kuwa da CMYK, wato tawada mai launi huɗu, shi ya sa shuɗi mai ƙyalli kan dushe a takarda. Saboda haka ana buga samfuri ɗaya a girmansa na ainihi, da hoto mai ingancin 300 dpi, wato ɗigo 300 a kowane inci, a duba shi daga nesa kafin a ba da izinin buga sauran.