Sikirinshot daban, hoton kaya daban

Kalmar sikirinshot ta cika bakin mutane, har ta kai duk hoton da ya bi ta waya ana kiransa da wannan suna. A rediyo ma za ka ji mai talla yana cewa a turo sikirinshot ɗin kayan da ake so, alhali hoto yake nufi. Sikirinshot dai hoton abin da ke kan fuskar waya ne a lokacin da ka danna maɓallan ɗauka, kyamara ba ta da hannu a ciki. Ma'anar ke nan. Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne ɓarnar da wannan cakuɗawa ke yi wa ciniki.

Wani mai ɗan shagon kayan kwamfuta ya rubuta wa abokan cinikinsa wasiƙa a kan haka, kuma ina bayansa. Roƙonsa shi ne a daina turo masa hoton da aka kwafo daga intanet, a ɗauki na kayan da ke hannu, a kuma rubuta tambaya a ƙarƙashinsa.

Ɗauki misalin caja. Cajar kwamfutarka ta ƙone, sai ka nemo mai kama da ita a intanet, ka yi sikirinshot, ka tura da kalma ɗaya: "Akwai?" Me mai shago ya gani? Baƙin ɗan akwati da igiya, irin wanda ya cika kantarsa. Abin da yake buƙata yana jikin takardar da aka manna a bayan cajarka, a layin da aka rubuta OUTPUT. Ko da sikirinshot ɗin ya nuna irin wannan takarda, ta cajar wani ce. Kuma sikirinshot ba ya kama fiye da abin da fuskar wayar ta nuna, shi ya sa da an buɗa shi ƙananan rubutu ke dagulewa.

A ce layin ya nuna 19.5V da 3.33A. Idan aka ninka su za a samu kusan wat 65. To akwai wasu cajojin masu wat 65 da ke ɗauke da 19V da 3.42A, wasu kuma 20V da 3.25A, saboda haka cewa "mai wat 65" kaɗai bai isa ba. Lambar farko, wato mai V, ita ake so ta zo daidai da ta tsohuwar caja. Ta biyu, mai A, tana iya ɗara ta tsohuwar, amma kada ta gaza, domin ƙaramar caja kan yi zafi ko ta kasa cika batir idan ana aiki. Sai kuma bakin da ke shiga kwamfutar. Akwai mai kaurin milimita 7.4, akwai mai 4.5, dukansu da siririyar allura a tsakiya, kuma a hoto ba ka rabe su sai an ajiye ma'auni a gefe. Wannan ne ya sa mai shagon ya nemi hotuna uku: takardar bayan caja, bakinta kusa da rula, da ƙasan kwamfutar inda aka rubuta samfurinta.

Ɗaukar ba ta da wuya. Ka goge idon kyamara, ka je inda hasken rana yake, ka kashe filasha domin takardar tana ƙyalli, sannan ka taɓa rubutun a fuskar waya har ya fito sarai. In ya ƙi fitowa ka matsa kusa da yawa ne, ja baya kaɗan. Kafin ka tura, buɗa hoton da yatsunka. Idan kai ba ka iya bambanta 3 da 8 ba, mai shago ma ba zai iya ba. WhatsApp yana matse hoto, don haka danna HD, wanda aka ƙara a 2023, ko ka tura ta Document.

Tambayar kuwa a rubuta ta a jikin hoton, kada a raba ta da shi, domin saƙonni suna shigo wa mai shago yana tsaka da sallamar wasu. Kamar haka: "Sannu da aiki, Malam. Wannan cajata ce ta ƙone, 19.5V 3.33A. Akwai mai wannan lamba da wannan baki? Guda ɗaya nake so." Rubutu ya fi saƙon murya a nan, tunda lamba tana saurin shige wa kunne.

Sikirinshot yana da wurinsa, idan kaya ne da ba ka taɓa mallaka ba, ka gani ne kawai a wani shafi. A nan ma kada ka yanke sunan kayan da lambar samfurinsa, ka kuma faɗa ko shi ɗin kake so, ko duk wanda zai yi aikinsa ya wadatar.