Kaset da faifai: inda jiran lodin ya samo asali

Duk wanda ya taso a Aboabo ko Asawase a Kumasi lokacin da shagunan gem ke tashe zai tuna Sega Mega Drive, ka soka kaset ka kunna, kafin ka gyara zama a kan benci wasa ya tashi. Da PlayStation mai amfani da faifai ta shigo sai ga baƙin allo da Now Loading, yara na ta ƙorafi wai jira na cinye musu lokacin da suka biya.

Dalilin ba boyayye ba ne. Kaset ɗin nan guntun lantarki ne a ciki, babu abin da ke juyawa, da ka soka shi ya zama wani ɓangare na injin, shi ya sa Mega Drive ke karanta wasan kai tsaye daga cikinsa. Faifai kuwa sai ya juya, idon leza ya nemo wurin, ya kwaso bayanan ya zuba a ƙwaƙwalwar injin tukuna. PlayStation ta farko da ta fito a Japan a 1994 tana karanta kusan kilobait 300 a sakan, ƙwaƙwalwarta kuma megabait 2 ce, kenan cika ta kawai ya kai sakan bakwai, ban da lokacin da lezan ke ɓatawa wajen nema, kuma da ka canza fili ko mataki sai an sake ɗebowa. In faifan ya karce ko lezan ya gaji to sai haƙuri, za ka ji yana ƙir ƙir, bidiyo na tsalle, har wasu masu shago kan kifa injin don ya karanta.

To me ya sa kamfanoni suka bi faifai duk da haka? Wuri ne da kuɗi. Nintendo 64 ta zo a 1996 da kaset, Super Mario 64 gaba ɗayansa megabait 8 ne, kaset mafi girma da aka yi mata bai wuce 64 ba, alhali faifai ɗaya na ɗaukar wajen 650 kuma buga shi ya fi araha nesa ba kusa ba. Kamfanin Square ma barin Nintendo ya yi, ya fitar da Final Fantasy VII a 1997 kan faifai uku na PlayStation.

Wanda ya fi ba ni mamaki shi ne Resident Evil 2, faifai biyu ne a PlayStation amma a 1999 aka cusa shi cikin kaset ɗaya na Nintendo 64 mai megabait 64. Sai da aka matse bidiyo da muryoyi sosai, in ka ajiye su gefe da gefe za ka ga hoton bidiyon ya ɗan dusashe, sautin ma bai kai ba.

Nintendo ta koma faifai a GameCube a 2001, sannan ta dawo kan ƙaramin kati a Switch a 2017, sai dai shi wannan yana lodin, don wasannin yanzu gigabait ne kuma sai an warware su cikin ƙwaƙwalwa kafin a fara.