Tsarin aikin na'urar sarrafa iska mai ikonomaiza

Tsarin aiki rubutaccen bayani ne da injiniya yake miƙa wa mai tsara kwamfutar gini, yana faɗin abin da na'urar sarrafa iska za ta yi a kowane hali: yaushe fanka za ta tashi, yaya ƙofofin iska za su buɗe, wane zafi ne zai sa bawul ɗin ruwan sanyi ya motsa. Ikonomaiza kuwa dabara ce ta shigo da iskar waje da yawa idan ta fi ta cikin gini sanyi, don injin sanyaya ruwa ya huta. Ƙofofi uku ne ke yin wannan aiki: ta iskar waje, ta iskar da ke dawowa daga ɗakuna, da ta fitar da rarar iska.

Tarihi

Dabarar ta girmi kwamfutar gini, domin an daɗe ana yin ta da na'urori masu aiki da matsin iska. Ta ƙara samun karɓuwa bayan tsadar man fetur ta 1973, kuma ƙungiyar injiniyoyi ta ASHRAE a Amurka ta fitar da ƙa'idarta ta farko kan tsimin makamashi a gine-gine a 1975. Na'urorin dijital sun fara yaɗuwa a wajajen farkon shekarun 1980, sai BACnet a 1995, tsarin sadarwa tsakanin na'urorin gini wanda ya ba kayan kamfanoni daban-daban damar fahimtar juna. Duk tsawon wannan lokaci kowane injiniya da irin rubutunsa, har ASHRAE ta wallafa Guideline 36, kundin daidaitattun tsare-tsaren aiki, a 2018, ta kuma sabunta shi a 2021. Da yawan tsare-tsaren da ke zuwa da kayan da aka shigo da su an rubuta su ne da ƙasashe masu dusar ƙanƙara a rai, shi ya sa ba a kwafe su kai tsaye a gari irin Zinder.

Tashi da tsayawa

Idan jadawali ya kira, sai a fara buɗe ƙofar iskar dawowa, sannan a ba fanka umarni. Ba a sakin sauran aikin sai ma'aunin matsin iska ko na lantarki ya tabbatar cewa fankar tana juyawa da gaske. In daƙiƙa 60 suka wuce babu tabbaci, a tsayar da ita a yi ƙararrawa. Da tsayawar fanka, ƙofar waje da bawul su rufe. Inda wuta ke yawan ɗaukewa, ana sa wa ƙofar waje mota mai sifirin da ke rufe ta da kanta, kuma ana rubuta jinkiri dabam-dabam ga kowace na'ura don kada su tashi lokaci guda su kayar da janareto. Tsayarwa saboda hayaƙi da waya ake haɗa ta kai tsaye, ba a dogara da manhaja kaɗai.

Sharaɗin kariya daga daskarewar ruwa ba shi da wani aiki a Zinder.

Sharaɗin buɗe ikonomaiza

Nan ne yawancin tsare-tsare ke lalacewa. Ga wurare masu zafi da bushewa, ƙa'idar ASHRAE 90.1 ta sa iyaka a kan digiri 24: iskar waje ta haura haka, ƙofar ta koma mafi ƙanƙantar buɗewa, wato iya iskar da mutanen ciki ke buƙata don numfashi. Amma lamba ɗaya ba ta isa. In zafin waje yana yawo tsakanin 23.9 da 24.1, ƙofar za ta yi ta buɗewa da rufewa har motarta ta gaji. Don haka ake rubuta tazara da jinkiri, kamar a wannan misali, inda OAT ke nufin zafin iskar waje, OAD ƙofar iskar waje, ECON ikonomaiza, MIN mafi ƙanƙantar buɗewa, DUST_LOCK kuwa makullin ƙura:

```
IF OAT < 22.5 FOR 10 min AND OA_DP < 13 AND DUST_LOCK = OFF
   THEN ECON = ON
IF OAT > 24 OR OA_DP > 14 OR DUST_LOCK = ON
   THEN ECON = OFF, OAD = MIN
```

Sharaɗin OA_DP, wato zafin da raɓa ke fara sauka, saboda damina aka sa shi. Da safiyar Agusta bayan ruwan dare, iskar waje tana iya zama digiri 23 da laima kashi 85 cikin ɗari. Ma'aunin zafi zai ce ta yi sanyi, alhali tana ɗauke da kimanin kilojul 61 na zafi a kowane kilo, ta cikin ofis mai digiri 24 da laima kashi 50 kuwa kimanin 48. Shigo da ita ƙarin kaya ne ga injin, kuma alamarsa takardu su yi laushi, bakin bututun rufi ya riƙa ɗiga. Masana sun saɓa kan ma'aunin laima: wasu na ganin dole ne, wasu na cewa yana saurin kaucewa daga daidai, gara a sauke iyakar zafin kawai.

Sa'o'in da ikonomaiza ke da riba a Damagaram kusan duk na hunturu ne, dare da safiya daga Nuwamba zuwa Fabrairu, kuma a lokacin ne ƙura ke tashi. Buɗe ƙofar gaba ɗaya yana ninka iskar wajen da ke ratsa mataci har sau biyar in mafi ƙanƙantar buɗewa kashi 20 ne. Tsari mai kyau yana sa DUST_LOCK ya kunnu idan bambancin matsi a kan mataci ya kai iyakar da mai ƙera shi ya bayar, ko idan ma'aunin ƙura na waje ya haura abin da aka saita. Inda babu wannan ma'auni, maɓalli a allon mai kula da gini ya wadatar, muddin an rubuta masa lokacin sakin kansa. In ba haka ba, wanda ya danna shi ranar hazo zai manta, lokacin sanyi ya wuce ƙofar tana kulle.

Haɗa ƙofa da bawul

Madauki shi ne ɓangaren manhaja da ke karanta ma'auni yana gyara umarni daidai da shi. Madauki ɗaya ne ya kamata ya kula da zafin iskar da ake turawa, yawanci digiri 13. Rabin farko na umarninsa, 0 zuwa 50, yana buɗe ƙofar waje daga mafi ƙanƙanta zuwa cikakkiya, ƙofar dawowa tana rufewa daidai da haka. Rabi na biyu yana buɗe bawul. Idan aka ba kowannensu madaukinsa, sai su riƙa jayayya, zafin yana hawa da sauka.

A ɗauki na'ura mai tura mita kubik 10,000 a awa, wadda sanyaya iskarta da digiri ɗaya ke cin kimanin kilowat 3.3. Safiyar Janairu ce, waje 17, iskar dawowa 24. Zafin gaurayen iskar waje da ta dawowa, wato MAT, yana fitowa haka, inda RAT ke nufin zafin iskar dawowa, f kuwa kason iskar waje a cikin gaurayen:

```
MAT = f*OAT + (1-f)*RAT
```

Da ƙofa a kashi 20, gaurayen 22.6 ne, saura digiri 9.6 kafin 13, wato kusan kilowat 32. Da ƙofa a buɗe duka, saura digiri 4, kimanin kilowat 13. In waje ya sauka zuwa 11, iskar waje kashi 85 ta isa, bawul ya rufe ruf. Ƙarfe goma ko sha ɗaya na safe zafin kan haura iyaka, ƙofar ta koma wurinta.

Kurakurai da alamominsu

Wannan lissafi shi ne kuma hanyar gane ƙofar da ta maƙale. Idan allo ya nuna OAD a 100 amma MAT yana manne da RAT, ko dai sandar ta kwance daga mota, ko ƙura ta cushe mahaɗan fukafukan. Akasin haka ya fi tsada: ƙofa ta tsaya a buɗe a watan Afrilu, waje ya haura 40, bawul yana 100 yini guda kuma ɗakuna ba su yi sanyi ba. Ana rubuta ƙararrawa idan bambanci tsakanin MAT na ma'auni da na lissafi ya daɗe kamar minti 30, amma sai lokacin da waje da ciki suka bambanta da aƙalla digiri 5, don ƙasa da haka kuskuren ma'auni ya isa ya ruɗa lissafin.

Ma'aunin waje yana buƙatar rumfarsa. Bangon arewa kaɗai ba kariya ba ne a Zinder, domin daga ƙarshen Afrilu zuwa tsakiyar Agusta rana tana bi ta arewa da tsakar ka. A tsarin a rubuta cewa in ma'aunin ya mutu ko ya ba da lambar da ba ta yiwuwa, ikonomaiza ta rufe, ƙofar ta tsaya a mafi ƙanƙantar buɗewa.