Mene ne "sannu", kuma yaya za ka koya wa baƙo ita?

Idan aka kawo muku baƙo daga wata ƙasa ya yi aiki tare da ku, kalmar da kunnensa zai fara kamawa ita ce "sannu". Asalinta yin abu a hankali ne, kamar yadda ake cewa "tafi sannu". A gaisuwa kuwa, nuna wa mutum kake yi ka ga halin da yake ciki. Shi ya sa ake haɗa ta da abin da ka tarar yana yi: mai aiki a ce masa sannu da aiki, wanda ya iso sannu da zuwa, na zaune a inuwa sannu da hutawa. Wanda ya yi tuntuɓe ma sannu ake yi masa, haka marar lafiya.

A ganina da ita ya kamata a fara, domin baƙo ya riƙe "sannu da" kawai, sauran idonsa ne zai gaya masa. Amma kada ka koya masa ita ba tare da amsarta ba. Nan ake yawan yin kuskure. Sai baƙo ya ce wa maigadi "sannu da aiki, Baba", dattijo ya ji daɗi ya ce "yauwa, sannu da zuwa, ina gajiya?", shi kuma ya tsaya yana murmushi, bakinsa ya mutu. To ka zaunar da shi, kai ka zama maigadin, ku yi ta maimaitawa. In an yi masa sannu ya ce "yauwa, sannu kadai". Ina gajiya, "ba gajiya". Ina aiki, "da godiya". Ka fahimtar da shi cewa waɗannan amsoshi ba sa canzawa, ko da a jirgi ya kwana. In akwai wata damuwa, sai an gama gaisawa ake kawo ta.

Ka kuma saurari bakinsa da kyau. Yawancinsu "sanu" suke cewa. Ka raba masa ita gida biyu, san-nu, ya ɗan daɗe a kan harafin tsakiya.

Sai dai sannu tana da iyaka. Ba a shiga wurin hakimi ko tsohuwa da safe a jefa "sannu" tsurarta a wuce, za a ga kamar raini ne. Wurin manya sai "ina kwana" da safe, "ina wuni" in rana ta yi, kuma ƙarami ne ke fara gaisarwa, yana ɗan rusunawa. Wannan darasi na biyu ne. Ka bari sai ka ji yana amsa sannu ba tare da ya juyo ya dube ka ba, sannan ka kai shi can.